Rariyar da kwamfuta ke tankaɗe hoto da ita

Duk wanda ya taɓa kai tsohuwar takarda wajen mai fotokofi ya san yadda take fitowa. Baƙaƙen ɗige-ɗige sun watsu a farin shafi kamar an barbaɗa barkono, wasu haruffan sun tsinke a tsakiya, wasu kuma sun manne da juna. Idon mutum ba ya shan wahala, yana tsallake dattin ya karanta abin da aka rubuta. Kwamfuta kuwa ba ta san wane ɗigo ne tawada wane ne ƙura ba. Kafin ta karanta shafi, ko ta ƙirga ƙwayoyin jini a hoton da aka ɗauka da madubin likita, ana bi da hoton ta wasu ayyuka 4 masu sauƙin gaske, waɗanda mutum zai iya yi da fensir a kan takarda mai gida-gida. Zan kira su zaizaya, kumbura, buɗewa da rufewa.

Wannan lissafi daga ramin haƙar ma'adinai ya fito. A shekarar 1964, Faransawa 2, Georges Matheron da ɗalibinsa Jean Serra, na makarantar koyon haƙar ma'adinai ta Paris, suna neman hanyar auna siffar ƙwayoyin da ake gani a cikin dutsen tama na yankin Lorraine idan aka yanka shi siriri aka duba. Tambayarsu ita ce: yaya za a mayar da girman ƙwaya da siffarta zuwa lamba? Amsar da suka samo ta zama fanni guda, har aka buɗe masa cibiya a garin Fontainebleau a 1968. Ba abin mamaki ba ne da tunanin rariya ya shiga cikin aikin tun daga tushe, tunda masu ma'adinai sun saba tankaɗe tsakuwa don su san girmanta.

Hoton da ake magana a kansa a nan ba shi da launi, ba shi da toka-toka. Kowane gida a cikinsa ko dai yana da abu, ko babu, wato 1 ko 0. Mu ɗauki ƙaramin allo mai layi 6, kowane layi gida 10. Alamar `#` ita ce 1, ɗigo kuma 0:

```
. . . . . . . . . .
. # # # # # . . # .
. # # # # # . . . .
. # # # # # # # . .
. # # # # # . . . .
. . . . . . . . . .
```

Abu 3 ne a ciki. Akwai gangar jiki mai tsayin gida 4 da faɗin gida 5, wato gida 20. Akwai siririyar wutsiya mai gida 2 da ta fito daga damanta a layi na 4. Sai kuma ɗigo ɗaya tilo can sama, shi kaɗai. Jimla gida 23.

Kayan aikin guda ɗaya ne, ɗan ƙaramin zane da zan kira hatimi, domin ana ɗora shi a kan allon ne gida bayan gida kamar yadda ake buga hatimi. Wanda aka fi amfani da shi murabba'i ne, gida 3 a tsaye, 3 a kwance, gida 9 ke nan, kuma gidan tsakiya shi ne cibiyarsa. Duk hukuncin da za a yanke, a kan gidan da cibiya ta sauka ake yanke shi.

Zaizaya tana da sharaɗi mai tsauri. A ɗora cibiyar hatimi a kan gida, a duba gidaje 9 da ya rufe. In dukkansu `#` ne, gidan tsakiya ya tsira. In ko ɗaya daga ciki fili ne, gidan ya tafi. Mu gwada da layi na 3, gida na 3: sama da shi, ƙasa da shi, hagu, dama da kusurwoyi 4 duk a cike suke, don haka ya tsira. Mu matsa zuwa layi na 4, gida na 6, inda wutsiya ta haɗu da jiki. Damansa a cike yake, amma kusurwar sama ta dama fili ce, shi ke nan ya faɗi. Ɗigon nan tilo ba a ma tsaya bincike ba, ba shi da maƙwabci ko ɗaya. Bayan an gama zagaye, ga abin da ya rage:

```
. . . . . . . . . .
. . . . . . . . . .
. . # # # . . . . .
. . # # # . . . . .
. . . . . . . . . .
. . . . . . . . . .
```

Daga 23 an koma 6. An ci gida ɗaya daga kowane ɓangare, kamar yadda ruwan damina ke cin gaɓar rafi, kuma duk abin da kaurinsa bai kai gida 3 ba ya ɓace ƙurmus.

Akwai kuskure ɗaya da mai gwadawa da fensir kan yi a nan, ni ma na yi shi a karon farko. Yakan riƙa gogewa a kan allon da yake dubawa. Da ya goge gida ɗaya, maƙwabcinsa ya rasa sharaɗi, shi ma a goge shi, haka har allon ya zama wayam. Allo 2 ake buƙata: ana karantawa daga na asali, ana rubuta sakamako a sabo, kuma ba a taɓa na asali har a gama.

Kumbura kishiyar zaizaya ce, kuma ita ba ta da rowa. Duk inda aka ga `#`, a buga hatimin gaba ɗaya a wurin, gidaje 9 su cika. In aka yi wa allonmu na farko haka, jikin zai ƙaru da gida ɗaya ta kowane gefe, wutsiya ta yi kauri 3, ɗigon nan da ba a bakin komai yake ba ya zama murabba'i mai gida 9, kuma dukkansu su haɗe su zama dunƙule guda. Gida 55 cikin 60 za su cika. Saboda haka babu ɗaya cikin ayyukan nan 2 da ke gyara hoto ita kaɗai. Zaizaya tana kashe datti amma tana ramar da abin da ake so, kumbura tana toshe rami amma tana ƙara wa datti ƙiba.

Dabarar tana cikin haɗa su a jere, da hatimi ɗaya. A yi zaizaya, sannan a kumbura abin da ya rage: wannan ita ce buɗewa. Mu ɗauki gidaje 6 ɗin nan da suka tsira mu buga hatimi a kan kowanne. Abin da zai fito shi ne jikin nan mai tsayi 4 da faɗi 5, gida 20 cif, a daidai inda yake tun farko. Wutsiya ba ta dawo ba, ɗigo bai dawo ba, domin babu irin da ya rage da za su tsiro daga gare shi.

Mutane da yawa sukan ɗauka kumbura tana warware abin da zaizaya ta yi, kamar yadda tarawa ke warware ɗebewa. Ba haka ba ne, kuma rashin warwarewar shi ne amfanin. Mun shiga da 23, mun fito da 20.

Akwai wata hanya ta fahimtar buɗewa wadda ta fi mini daɗi, domin ba ta buƙatar a bi matakai 2. A ɗauki hatimin a matsayin tayil, a riƙa zagayawa da shi cikin siffar, ba tare da ko gefensa ya leƙa waje ba. Duk gidan da tayil ɗin ya iya rufewa, yana nan. Duk lungun da bai iya shiga ba, ya tafi. Tayil mai faɗin 3 ba zai shiga wutsiya mai faɗin 1 ba, ko da wutsiyar ta kai tsawon gida 100. Daga nan ake gane dalilin da ya sa in an buɗe hoto sau ɗaya, maimaitawa da hatimin nan ba ta ƙara komai. Garin da ya riga ya bi ta rariya, ko sau 10 aka mayar da shi cikin rariyar nan, duka zai wuce. Wanda bai gamsu da sakamako ba, hatimi zai canja.

Canjin hatimi kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Mu cire kusurwoyi 4 na murabba'in, a bar tsakiya da sama da ƙasa da hagu da dama, gida 5 masu siffar alamar tarawa. Yanzu gidan nan na mahaɗar wutsiya, layi na 4 gida na 6, ya cika sharaɗi, tunda ba a tambayar kusurwa kuma maƙwabtansa 4 duk suna nan. Zaizaya ta bar gida 7 maimakon 6. In aka kumbura su da wannan hatimin, ga sakamako:

```
. . . . . . . . . .
. . # # # . . . . .
. # # # # # . . . .
. # # # # # # . . .
. . # # # # . . . .
. . . . . . . . . .
```

Gida 18. Ɗigon ya tafi, amma gindin wutsiya ya maƙale, kuma jikin ya rasa kusurwoyinsa 3. Ta huɗun, ta ƙasa a dama, ta tsira ne kawai albarkacin wutsiyar da ke kusa da ita. Hoto ɗaya ne, aiki ɗaya ne, bambancin gida 4 a jikin hatimi ne ya kawo wannan. Hatimi yana barin kamanninsa a jikin abin da ya taɓa: murabba'i yana son kusurwa, mai siffar tarawa yana fere ta. Shi ya sa masu ƙirga ƙwayoyi masu zagaye sukan zaɓi hatimi mai kama da faifai, wanda ke neman layukan da aka ja a kan fom kuma ya zaɓi doguwar sanda a kwance, mai kaurin gida 1 da tsawon da ya wuce faɗin kowane harafi. In aka buɗe shafi da irin wannan sanda, rubutu duka zai zube, layukan ne kaɗai za su tsaya.

Rufewa ita ce a juya jerin: kumbura da farko, zaizaya daga baya. Aikinta a kan fili yake, tana cike duk ramin da hatimi bai iya shiga ba. Ga wani allon, jiki mai gida 5 ta kowane gefe da rami ɗaya a tsakiya, irin wanda ake samu inda tawada ba ta kama ba:

```
. . . . . . .
. # # # # # .
. # # # # # .
. # # . # # .
. # # # # # .
. # # # # # .
. . . . . . .
```

Kumbura za ta cika allon duka, gida 49, har da ramin. Zaizaya ta cinye gida ɗaya ta kowane gefe, a dawo kan 25. Mun shiga da 24, ramin ya toshe, gefuna ba su motsa ba. Wannan shi ne abin da ake nema.

To amma a ce an fara da buɗewa a kan wannan allon, da nufin share datti. Gidajen gefe duk suna taɓa fili, sun tafi. Na ciki guda 8 kuma kowanne yana maƙwabtaka da ramin tsakiya, su ma sun tafi. Babu abin da ya rage da za a kumbura. Jiki mai gida 24 ya ɓace saboda rami ɗaya, kuma kwamfuta ba za ta nuna wata alamar kuskure ba, ta yi abin da aka ce ta yi.

Kada a ce to rufewa ce ya kamata a fara da ita kullum. Mu koma allonmu na farko mu rufe shi da murabba'i:

```
. . . . . . . . . .
. # # # # # # # # .
. # # # # # # # . .
. # # # # # # # . .
. # # # # # . . . .
. . . . . . . . . .
```

Filin da ke tsakanin jiki da wutsiya da ɗigo bai isa hatimi ya zauna ba, sai aka cike shi. Gida 23 sun zama 27, kuma ƙurar da muke son kawarwa ta zama 'yar gida. In yanzu aka biyo da buɗewa, gida ɗaya kawai za ta cire, na ƙarshen layi na 2, ta bar kumburin da ba shi cikin asalin hoto. Don haka babu jeri ɗaya da ya dace da kowane hoto. Ana duba wace cuta ce ta fi yawa. In ƙura ce a fili, a fara da buɗewa. In ramuka ne da tsinkewa a jikin abu, a fara da rufewa.

A aikace ba da fensir ake yi ba. Manhajar OpenCV, wadda ake samu kyauta, tana gama shi cikin 'yan layuka:

```python
import cv2, numpy as np
hoto = cv2.imread("shafi.png", 0)
_, b = cv2.threshold(hoto, 127, 255, cv2.THRESH_BINARY_INV)
hatimi = np.ones((3, 3), np.uint8)
bude = cv2.morphologyEx(b, cv2.MORPH_OPEN, hatimi)
rufe = cv2.morphologyEx(b, cv2.MORPH_CLOSE, hatimi)
```

Layi na 3 ya cancanci a tsaya a kansa. Manhajar tana ɗaukar fari a matsayin abu, baƙi a matsayin fili. Shafin littafi kuwa baƙin rubutu ne a kan farar takarda. In ba a juya launin ba, wanda shi ne aikin `THRESH_BINARY_INV`, takardar za a zaizaye, rubutu ya yi ƙiba, buɗewa kuma ta yi aikin rufewa. Alamar a bayyane take: ka kira `cv2.erode` ka ga haruffa sun ƙara kauri, to hotonka a juye yake. Wannan ba lahani ba ne a manhajar. Zaizayar abu daidai take da kumburar filin da ke kewaye da shi, magana ɗaya ce daga ɓangare 2.

Sai kuma batun bakin allo, wanda ya taɓa cinye mini yammaci guda. Idan cibiyar hatimi tana kan gidan ƙarshe, wani sashensa yana rataye a waje, inda babu hoto. Me za a ɗauka yana can? A lissafinmu na sama mun ɗauka fili ne, kuma haka manhajar SciPy take yi in ba a faɗa mata wani abu ba. OpenCV kuma a lokacin zaizaya tana ɗauka wajen a cike yake, don kada ta ci abin da ya taɓa baki. A babban hoto bambancin bai wuce gefe-gefe ba. A ƙaramin allo kamar namu kuwa, kumbura ta riga ta kai bango ta kusan kowane ɓangare, zaizaya ba ta ja da baya daga bangon, sai rufewar da ta ba mu 27 a takarda ta ba da 48 a kan na'ura. Maganin shi ne a ƙara wa allon layukan fili ta kowane gefe kafin a fara, a yanke su bayan an gama.

Inda abin ya fi shafar mai karanta Hausa shi ne ƙugiya. Abin da ya raba ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b, ɗan lanƙwasa ne a saman harafi, kuma a wasu salon haruffan ɗab'i ya fi sandar harafin sirantaka. Ga hatimi, wannan lanƙwasa ba ta da bambanci da wutsiyar allonmu. In kaurinta bai kai faɗin hatimi ba, buɗewa za ta ɗauke ta, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata, shafin kuma ya fito fes, ya fi da kyan gani. A ajami ma haka ne, har ya fi muni, domin can ɗigo ne ke raba haruffa. A rubutun Warshu da aka saba da shi a ƙasar Hausa, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf tana da ɗaya a sama. Hatimin da ya fi ɗigon alƙalami girma zai share shi tare da ƙura. Rufewa ita ma tana da nata ɓarnar: ɗigo 2 na harafin ta suna iya haɗewa su zama ɗaya, ko idon harafin e na boko ya toshe.

Girman hatimi kuma ba a faɗinsa shi kaɗai, sai an haɗa da yadda aka ɗauki hoton. In sikana ta ɗauki gida 300 a kowane inci, gida 3 kusan rubu'in milimita ne, ƙasa da kaurin layin biro, don haka rubutu zai tsira. In gida 100 ne a inci, gida 3 ɗin nan sun kai kashi 3 cikin 4 na milimita, kuma layin biro na yau da kullum ba zai iya ɗaukar hatimin ba. Wanda ya kwafi lambar 3 daga aikin wani ba tare da ya auna nasa hoton ba, sa'a kawai yake gwadawa. Abin yi shi ne a ƙara girman hoton a kan allo, a ƙirga gida nawa ne kaurin siririn abin da ba a so a rasa, a ƙirga na ƙura mafi girma. In ƙura gida 2 ce, ƙugiya 4, hatimi mai 3 ya zauna a tsakani. In dukansu 2 ne, babu hatimin da zai raba su, sai a sake ɗaukar hoton da kyau, ko a koma ga wata dabara, kamar cire ɗigon da ba ya haɗe da komai a bar wanda ke manne da harafi. Wannan za ta ceci ƙugiyar boko, amma ba za ta ceci ɗigon ajami ba, tunda shi ma a ware yake.

Ni abin da na saba yi bayan kowace buɗewa shi ne in duba dusar, ba garin kaɗai ba. Ana ɗebe hoton da aka buɗe daga na asali, abin da ya rage shi ne duk abin da hatimi ya zubar, kuma OpenCV tana ba da shi kai tsaye da `cv2.MORPH_TOPHAT`. A allonmu na farko gida 3 ne: ɗigo da wutsiya. A shafin littafi, in dusar ta fito a warwatse ba tsari, ƙura ce aka share. In kuwa ta jeru layi-layi, a daidai tsayin da kawunan haruffa ke kaiwa, ƙugiyoyi ne aka aske, sai a rage hatimin a sake.